Sikirinshot Ba Bayani: Me Ya Sa Hoton Saƙon Matsala Shi Kaɗai Ba Ya Gyara Waya?

Idan mutum ya turo maka hoton abin da wayarsa ta rubuta masa, bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya gama yi maka bayani ko da saura? Wannan ƙaramar tambaya ta daɗe tana haddasa saɓani tsakanin masu waya da waɗanda ake ganin sun san kan waya. Mai turowa yana ganin ai gani ya kori ji, ga abin nan ƙuru-ƙuru a rubuce, me kuma zai ce? Wanda aka turo wa ya duba hoton, ya ce "me kake ƙoƙarin yi?", sai mai turowa ya ji kamar ana ja masa rai, ko kuma dai ashe wanda ake ta yabo bai iya ba.

Ina zama a wani shagon gyaran waya a wajen PZ a nan Zariya, ɓangaren abin da ya shafi manhajoji nake riƙewa, ba ɓangaren ƙona dalma da sauya gilashi ba. Da wuya rana ta fito ta faɗi ban samu irin wannan hoton ba, daga ɗaliban Samaru da Kongo, daga 'yan kasuwar Sabon Gari, daga dangi kuwa ba a magana. Wani ko sallama babu, hoto ne kawai. Wani ya haɗa da alamar tambaya guda ɗaya. Abin da zan yi ƙoƙarin warwarewa a nan shi ne dalilin da ya sa wannan hoton, duk da amfaninsa, ba ya ɗauke da rabin labarin da ake buƙata, da kuma abin da ke samun mutane idan aka ba su magani a kan hoton kaɗai.

Mene ne saƙon matsala, kuma wa ya rubuta shi?

Mutane da yawa sun ɗauka idan waya ta fito da rubutu, to ta binciki kanta ne ta gano ciwonta, take faɗa. Ba haka abin yake ba. Wannan jimlar wani mutum ne ya rubuta ta tun lokacin da ake ƙera manhajar, shekaru kafin wayar ta zo hannunka. Ya ajiye ta ne da umarnin cewa duk sanda aiki kaza ya ƙi kammaluwa, a nuna wannan rubutun. Shi bai san ka ba, bai san abin da za ka zo kana nema ba. Sau da yawa kuma, don kada ya cika wa mai waya kai da kalmomin fasaha, sai ya tattara dalilai biyar ko goma ya rufe su da jimla ɗaya.

Kwatankwacinsa shi ne mutum ya je kemis ya ce jikinsa da zafi. Gaskiya ya faɗa, amma zafin jiki ba suna ba ne na cuta. Mai kemis da ya san aikinsa zai tambaye shi tun yaushe, da rawar ɗari ko babu, me ya ci, me ya riga ya sha. Saƙon matsala zafin jiki ne. Yana faɗin inda aikin ya tsaya, ba ya faɗin inda aka taso, ba ya faɗin inda aka nufa.

Akwai saƙon da shi da kansa yake amsa cewa bai sani ba. Duk mai buga lambobin tauraro da hash a wayar Android ya taɓa cin karo da wannan:

```
Connection problem or invalid MMI code.
```

Ma'anarsa: ko dai sabis ne ya samu tangarɗa, ko kuma lambar da aka buga ba daidai take ba. Ka lura da kalmar "ko" da ke tsakiya. Wayar ta aika lambar, amsa mai ma'ana ba ta dawo ba, sai ta ɗaga hannu ta ce ɗaya daga cikin biyun ne. Kuma hoton ba ya nuna lambar da aka buga, domin kafin saƙon ya fito lambar ta ɓace daga allo. A shekarar 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin layi suka zama iri ɗaya: `*310#` don duba kuɗin kira, `*311*` da lambar kati don sa kuɗi, `*312#` don sayen data, `*323#` don duba ragowar data. Har yau akwai dattawan da yatsunsu tsofaffin lambobin suka haddace. To idan aka turo mini hoton wancan saƙon, ta yaya zan bambance mai buga tsohuwar lamba da wanda ke can ƙuryar ɗakin soro inda sabis ba ya shiga, da wanda wani yaro ya saita masa wayar ta tsaya a kan 4G zalla, alhali layinsa na buƙatar sauka zuwa 3G ko 2G kafin irin waɗannan lambobin su tafi? Mutum uku, magani uku, hoto ɗaya.

Hoton da Kawu ya turo

Bari in tsaya a kan misali guda, in bi shi daga farko har ƙarshe, domin a nan ne za a ga tsawon igiyar da ke bayan hoto.

Ina da kawu a Tudun Wada, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Wata ranar ƙarshen wata, da hantsi, ya tura hoto cikin zauren danginmu na WhatsApp. Farin allo ne, da rubutu a tsakiya:

```
App not installed.
```

Shi ke nan. Har ma ya datse hoton sama da ƙasa, don a ganinsa rubutun ne abin nunawa. Ni ina kan aiki, ban duba waya ba sai bayan azahar. Kafin nan mutum uku sun ba da fatawa. Wani ɗan yayata ya ce memori ne ya cika, a goge hotuna da bidiyo. Wata ƙanwarmu ta ce bairos ne. Na ukun ya ce wayar ta gaji, a kai ta a yi mata filashin. Kawu ya ɗauki shawarar farko domin ita ce ba ta buƙatar kuɗin mota. Ya zauna ya share bidiyon bikin 'yarsa kakaf, da karatuttukan tafsirin da ya tara tun azumin bara. Ya sake gwadawa, rubutun nan ya sake fitowa, ko wasali bai sauya ba.

Da na gani sai na kira shi. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, wace manhaja ce kake son sakawa?"

Ya ce, "Ta banki ce, ɗana."

"Daga ina ka samo ta?"

"Yaron maƙwabcina ne ya turo mini daga wayarsa. Ya ce ba sai na ɓata data ba."

"To Kawu, me za ka yi da ita yau ɗin nan?"

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Fansho nake so in ga ko ya shigo. Abokaina sun ce sun ga alat tun jiya, ni shiru."

Ka ga inda maganar ta faro. Kawu ba manhaja yake nema ba, so yake ya san ko kuɗinsa sun shigo. Alat bai zo ba, aka ce masa ya sa manhajar banki, aka tura masa ita waya zuwa waya, ta ƙi shiga, ya ɗauki hoto. Hoton mataki na huɗu ne, mu kuma aka bar mu muna gardama a kan mataki na huɗu ba mu san da ukun farko ba. Na ce ya buga lambar USSD ta bankinsa, irin ta tauraro da hash ɗin nan, a kan layin da ya yi rajistar asusun da shi, ya tabbata akwai 'yan canji a layin, domin tun tsakiyar 2025 kuɗin wannan hidimar, naira 6.98 a kowane zama, daga kuɗin kira ake cirewa. Minti biyu ba a yi ba ya kira ni yana dariya, kuɗi sun shigo. Alat ɗin ma ya iso da kansa bayan magariba.

Jimla ɗaya, dalilai da yawa

Buƙatar Kawu ta biya, amma tambayar me ya hana manhajar shiga tana nan, kuma ita ce ta fi koyar da darasi a kan hoton. Washegari ya aiko jikansa da wayar zuwa shago.

Idan aka ba wayar Android fayil ɗin manhaja, wanda ake kira APK, ba ta karɓarsa kai tsaye. Sai ta yi masa tambayoyi kamar mai gadin ƙofa. Fayil ɗin cikakke ne, ko ya yanke a hanya wajen saukewa? Akwai wurin ajiye shi? An yi shi don irin wannan Android ɗin, ko yana buƙatar wanda ya fi shi sabunta? Ya dace da irin injin da ke cikin wayar? Idan akwai manhaja mai wannan sunan a wayar tun da, sa hannun maƙerinsu ɗaya ne? Wanda aka kawo ɗin ba tsoho ba ne a kan wanda ke ciki? Kowace tambaya aka faɗi, a cikin wayar akwai takamaiman sunan da ake ba faɗuwar. Amma abin da ake nuna wa mai waya sau da yawa jimlar nan ce guda ɗaya. Wasu wayoyin, musamman sababbi, sukan ƙara 'yar wutsiya, kamar `as package conflicts with an existing package` ko `as package appears to be invalid`, wanda ya rage duhu amma bai kore shi ba.

Abu na farko da na duba shi ne zargin ɗan yayata. Na shiga `Settings`, na buɗe `Storage`. Fili ya haura gigabait 9, kuma jikan ya ce tun kafin a yi share-sharen akwai kusan 4. Manhajar banki ba ta kai ko kusa da haka ba. Wato bidiyon biki sun tafi a banza. Sannan na duba ko akwai tsohuwar manhajar bankin a wayar da za ta yi karo da sabuwar. Babu. Na duba `About phone`, Android ɗin bai tsufa da har manhajar za ta ƙi shi ba. Saura zargi biyu: fayil ɗin da kansa, ko injin wayar.

A nan ne mu masu shago muke da hanyar da mai waya ba shi da ita. Na haɗa wayar da kwamfuta, na tura fayil ɗin ta wata hanya da ke tilasta wa wayar ta faɗi ainihin sunan matsalar:

```
adb install banki.apk
Failure [INSTALL_FAILED_MISSING_SPLIT: Missing split for ...]
```

Fassararsa: fayil ɗin ɓangare ne, sauran ɓangarorin ba su zo ba. Dalilin kuwa yana da tarihi. Tun watan Agustan 2021 kamfanin Google ya wajabta wa sababbin manhajojin da za a ɗora a Play Store su zo a wani tsari da ake rarraba manhaja gida-gida, kuma tsofaffi da yawa ma sun koma kansa. Idan ka sauke manhaja daga can, ba dunƙulallen fayil ɗaya ake ba ka ba. Ana duba wayarka, a ba ka uwar manhajar, a haɗa maka da ɓangaren da ya dace da injinka, da wanda ya dace da irin allonka, da na harshenka. Kamar tela ne da ya auna ka ya yanka yadi daidai jikinka, riga daban, wando daban. Yaron maƙwabci da ya turo wa Kawu, rigar kawai ta iso, wandon ya tsaya a can.

Kuma ko da duka sun iso, da wuya su shiga. Na tambayi wayar Kawu irin injinta:

```
adb shell getprop ro.product.cpu.abilist
armeabi-v7a,armeabi
```

Wannan amsar na nufin tsarin wayar mai bit 32 ne, kamar yadda ƙananan wayoyi masu araha da yawa suke, irin masu Android Go. Wayar yaron kuwa babba ce mai bit 64, wadda za ta amsa da `arm64-v8a`. Ɗinkin da aka yi wa ƙato ba zai zauna a jikin Kawu ba. Maganin duka bai wuce buɗe Play Store a wayar Kawu a sauke manhajar daga can ba, ta zo da awonta. Datar da aka guje wa kashewa ba ta kai ta kallon bidiyo biyu-uku ba. Da na gama na kashe `Developer options` da na kunna don wannan binciken, domin wasu manhajojin banki ba sa yarda su buɗe idan yana kunne, kada in gyara ɗaya in haifar da wani hoton.

Abin lura a nan shi ne ban buƙaci kwamfuta ba don in kai ga maganin. Kwamfutar tabbatarwa kawai ta yi. Jimlar "yaron maƙwabcina ne ya turo mini daga wayarsa" ita ta warware komai. Da ta zo tare da hoton tun da hantsi, duk wanda ya ɗan san kan waya a zauren zai ce a je Play Store. Ban da haka ma, manhajar banki ba abin karɓa daga hannun wani ba ce, ko da za ta shiga lafiya, domin ba ka da tabbacin ba a taɓa cikinta ba.

Uzurin mai turowa, da laifin mai amsawa

Ba na cikin masu yi wa irin su Kawu dariya. Suna da hujjarsu, kuma mai ƙarfi ce. Saƙon da Turanci yake zuwa, Turancin ma na fasaha, wanda ko mai digiri sai ya tsaya. Mutum na tsoron idan ya kwafa da hannu zai ɓata rubutun, ko idan ya fassara zai faɗi abin da ba shi ba. A wannan gaɓar ma ya yi daidai: hoton ya fi "wayata ta rubuta wani abu da ja" sau ɗari. Sannan akwai kunya. Dattijo ba ya son ya bayyana a gaban 'ya'ya da jikoki cewa fansho yake jira har ya ƙagu. Wani kuma abin da yake ƙoƙarin yi ne ba ya son a sani, kamar mai saka kwaikwayon WhatsApp da aka yi wa kwaskwarima, ko mai neman manhajar bashi. Sai ya tura hoton ya ɓoye labarin, yana fatan a ba shi magani ba tare da an buɗe ciwon ba.

Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan zurfi. Wanda ya shafe rabin awa yana fama da abu, labarin ya cika masa kai har yana ganin kowa ma ya sani. Idan ya kalli hoton, shi yana ganin fansho, da maƙwabci, da yaron, da duk abin da ya danna. Ya manta cewa kai farin allo kawai kake gani da kalma uku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan mai ɗakin ya ɗauka ɗigon da ya nuna maka ya isa ka san inda rufin ya huje.

A ganina laifin da ya fi girma yana wajen masu amsawa. Wanda ya turo hoto ba bayani jinkiri kawai ya jawo wa kansa. Wanda ya ba da magani ba tare da tambaya ba shi ne ke jawo asara. Kuma mun san dalilin da ya sa ake yi: tambaya tana sa a ga kamar ba ka sani ba, amsa nan take kuwa tana sa a ce yaron nan ƙwaro ne. Sai mutum ya tuna ranar da shi ya ga irin wannan saƙon, da abin da ya yi masa aiki, ya miƙa shi a matsayin fatawa. Ɗan yayata bai yi ƙarya ba, shi a wayarsa memori ne ya taɓa cika. Kuskurensa ɗauka cewa jimla ɗaya ciwo ɗaya ce.

Magungunan da ba a dawowa daga gare su

Da a ce duk shawarar da ake bayarwa a kan hasashe irin "kashe ka kunna" ce, da ba abin damuwa. Matsalar ita ce shawarwarin da suka fi yawo su ne masu ɓarna.

Ɗauki maɓallai biyun nan da ke zaune kusa da juna a bayanin kowace manhaja: `Clear cache` da `Clear data`, wanda a wasu wayoyin ake rubuta shi `Clear storage`. Na farko shara ce ta wucin gadi yake kwashewa, ba ya cutarwa. Na biyu mayar da manhajar yake kamar yau aka saka ta. A WhatsApp wannan na nufin an fitar da kai, sai ka sake karɓar lambar tabbatarwa a layin da ka yi rajista da shi, kuma hirarrakin da ba a yi musu ajiya ba sun tafi. Na ga 'yar kasuwar da lissafin bashin kwastomominta duka a cikin hira yake, layin da ta buɗe da shi kuma ya daɗe da ɓata. Wani ya ce mata ta danna na biyun saboda hoton da ta tura. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Haka shawarar "cire tsohuwar ka sa sabuwa". Idan matsalar karo ce tsakanin sa hannun maƙera biyu, lallai sai an cire ɗaya kafin ɗaya ta shiga, amma sai an fara kwashe abin da ke ciki. Idan kuwa matsalar irin ta Kawu ce, ka cire wadda ke aiki, sabuwar ta ƙi shiga, ka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Babbar cikinsu ita ce filashin ko fomat. Tun daga Android 5.1 a 2015 akwai wani makulli da aka sa don hana ɓarayi cin moriyar wayar sata: idan aka share waya ta bayan gida, wato ba ta cikin `Settings` ba, da ta tashi sai ta nemi adireshin Gmail da kalmar sirrin da ke kanta a da. Yanzu ka tambayi kanka, mutum nawa ne a Zariya suka san kalmar sirrin Gmail ɗinsu? Da yawa yaron shagon da aka sayi wayar ne ya buɗe musu a tsaye, ya rubuta a bayan kwali, kwalin kuma yara sun yi mota da shi. Wayar da matsalarta ba ta wuce fayil guda da bai cika ba sai ta koma ba ta buɗuwa gaba ɗaya. Da Kawu ya bi shawara ta uku, nan zai faɗa, kuma bayan duk wahalar fayil ɗin nan zai sake ƙin shiga.

A harkar kuɗi abin ya fi haɗari. Hoton da ke cewa tura kuɗi bai yi nasara ba, ba ya nuna ko an riga an cire kuɗin. Wanda ya ce maka "sake turawa" ba tare da ya tambaya ko ka duba balas ba, zai iya sa ka biya sau biyu.

Abin da hoton ke faɗa idan ba a datse shi ba

Duk da haka kada a raina hoton. Mai karatunsa da kyau yana samun abubuwa a gefe-gefe fiye da a tsakiya. Siririn layin nan na sama shi nake fara kallo. Agogo: idan hoton ya nuna ƙarfe uku na dare alhali da rana aka ɗauka, to wataƙila kwanan watan wayar ma ya karkace, kuma wannan kaɗai na iya hana shafuka da manhajoji da yawa buɗewa. Harafin da ke gefen sandunan sabis: `E` na nufin wayar ta faɗo 2G, wanda da ƙyar zai ɗauki manhajar banki. Ɗan hoton mabuɗi na nufin VPN a kunne yake, ga kuma alamar jirgi, ga alamar Wi-Fi mai ɗauke da alamar motsin rai da ke nuna ba intanet a cikinsa. Launin allon da siffar maɓallan suna gaya mini ko wayar ce ke magana, ko manhaja, ko kuwa wani shafin talla ne ya yi shigar gargaɗi yana cewa waya ta kamu da bairos don a danna shi. Wanda ya datse hoton ya bar jimlar kawai ya zubar da duk wannan.

Sai dai cikakken hoto yana da nasa haɗarin, kuma a nan ne ake yin abin a juye: a datse abin da ke da amfani, a bar abin da ya kamata a rufe. Na sha ganin hoto da lambar asusu da balas a fili, ko saƙon OTP ya leƙo daga sama daidai lokacin ɗauka, an kuma tura shi zauren mutum ɗari biyu. Abin rufewa shi ne lambar asusu, lambar kati, BVN, NIN da kowace lambar tabbatarwa. A shafe su da alƙalamin da ke cikin WhatsApp kafin a tura, a bar sauran allon yadda yake. Idan manhajar banki ta ƙi yarda a ɗauki hoton, ko hoton ya fito baƙi ƙirin, ba lalacewa ba ce, da gangan aka toshe. Sai a ɗauka da wata wayar. Idan kuma saƙon irin mai walƙiya ne, wanda ke fitowa a ƙasan allo ya ɓace cikin daƙiƙa biyu ko uku, ɗaukar bidiyon allo ya fi, kuma daga Android 11 zuwa sama yana nan cikin wayar ba sai an saka komai ba.

Me ya kamata ya raka hoton?

Ba dogon rubutu ake nema ba, kuma ba a buƙatar kalmar fasaha ko ɗaya. Saƙon murya na rabin minti da Hausa ya wadatar, in dai ya taɓo waɗannan abubuwa. Abin da kake son cimmawa tun asali, ba abin da ya tsaya ba. Abin da ka danna na ƙarshe kafin rubutun ya fito. Ko da can yana yi yau ne ya daina, da abin da ya sauya a tsakani, kamar sabon layi, ko wani ya karɓi wayar, ko an saka wata manhaja. Sai kuma abin da ka riga ka gwada. Sunan wayar ma na taimakawa. A cikin waɗannan, na farkon ya fi sauran nauyi, domin shi ne ke ba mai taimako damar ya ce maka ka bar wannan hanyar gaba ɗaya, ga wata gajeriya, kamar yadda lambar USSD ta yi wa Kawu.

Da Kawu ya ce, "Fansho nake son dubawa, alat bai zo ba, yaron maƙwabci ya turo mini manhajar banki daga wayarsa, na danna ta sai wannan ya fito," da an gama cikin minti biyar. Bidiyon bikin dai mun samo wasu daga wayoyin 'yan uwa, amma na wajen kamu, wanda shi kaɗai ya ɗauka da hannunsa, bai dawo ba. Makon da ya wuce ya sake turo hoto, wannan karon cikakke har da agogo, da saƙon murya na minti huɗu a ƙarƙashinsa. Minti ukun farko gaisuwa ce da tambayar mutanen gida, bayanin yana cikin na huɗun.